Hayar shekara da albashin da ya kwana: da wane lissafi za a raba riba?

Salamu alaikum Malam. Ina riƙe da shagon sarin hatsi a Agege, jarin na kawuna ne, muna raba riba duk bayan wata uku. Ranar 1 ga Oktoba mun biya hayar sito ta shekara, naira 2,400,000, sai littafina ya nuna mun faɗi a watan. A Disamba kuma ya nuna riba mai yawa, don albashin yara sai 4 ga Janairu muka biya. Wani akanta ya ce laifin lissafin tsabar kuɗi ne, mu koma akuruwal. Mene ne bambancinsu, kuma da wanne za mu raba riba?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Littafinka bai yi ƙarya ba, tambayar da kuke yi masa ce ba tasa ba. Shi abin da ya sani kawai shi ne ranar da kuɗi ya shigo aljihun tebur ko asusun banki da ranar da ya fita, kuma wannan shi ne lissafin tsabar kuɗi. Ku kuwa so kuke ku san abin da shagon ya samu a wata da abin da ya ci a wannan watan, ko an biya ko ba a biya ba. Lissafin da ke amsa wannan shi akantoci ke kira akuruwal, kuma da shi ya kamata a raba riba.

Kai ɗan kasuwa ne, ka riga ka san rabin abin. Idan tirela ta sauke maka buhun wake 600 daga Dawanau ka biya kuɗinsu duka a yau, ba ka zama ka ce ka yi asarar kuɗin tirela guda. Ka san kuɗin ne ya rikiɗa ya zama kaya, ga su nan a jibge, kuma buhun da ya fita kaɗai kake cire kuɗin sarinsa daga ciniki. To ka ɗauki hayar nan kamar buhu 12 da ka saya lokaci guda, kowane buhu naira 200,000, kowane wata shagon na cinye ɗaya. A ƙarshen Oktoba buhu ɗaya ya tafi, saura 11. A ƙarshen Disamba uku sun tafi, wato naira 600,000, saura tara da kuɗinsu ya kama naira 1,800,000. Wannan ragowar ba kashe kuɗi ba ce tukuna, kadara ce ta shago, domin haƙƙinku ne na zama a siton har ƙarshen Satumba ba tare da mai gida ya nemi ko kwabo ba. Irin wannan shi ake kira biyan gaba: kuɗin ya riga ya fita, amfanin bai gama zuwa ba.

Albashin yara shi ne kishiyarsa. Sun yi aikin Disamba sun gama, sun ɗauki buhu, sun kwana gadi, shagon ya ci guminsu a cikin Disamba. Ranar 31 ga wata da dare kuɗinsu ya hau kan shagon, ko da babu wanda ya zo da takarda. Biyan da aka yi ranar 4 ga Janairu sauke bashi ne, ba sabon kashe kuɗi ba. Wannan shi ne kuɗin da ya hau: amfanin ya riga ya zo, kuɗin bai fita ba. Wutar da ake kawo takardarta a wata mai zuwa ita ma haka take, da kuɗin masu kwasar shara, da ladan akantan da zai duba littattafan shekarar da ta ƙare.

Bari mu zauna da alƙalami mu bi watannin uku ɗaya bayan ɗaya. Tun da haya kaɗai ka ba da adadinta, zan ƙaddara sauran, sai ka sa naka a gurbinsu. A ce kowane wata, bayan an cire kuɗin sarin buhunan da aka sayar, ciniki na barin naira 1,500,000, kuma duk a hannu ake biya. Albashi naira 400,000 ne a wata. Wuta kuwa ba mitar kati ba ce, takarda ake kawowa daga kamfanin wuta ana biya a wata na gaba: ta Satumba naira 70,000, ta Oktoba 75,000, ta Nuwamba 80,000, ta Disamba ba a kawo ba tukuna.

A littafin tsabar kuɗi, Oktoba ta ɗauki haya gaba ɗaya, da albashi, da wutar Satumba, jimla naira 2,870,000. A cire daga 1,500,000, faɗuwar naira 1,370,000 ke nan. Nuwamba babu haya ko kaɗan, albashi ne da wutar Oktoba, sai riba ta tashi 1,025,000. Disamba babu haya, babu albashi, wutar Nuwamba ce kawai, riba 1,420,000. Idan an haɗa watannin uku, naira 1,075,000 ne. Mai karanta wannan zai ɗauka kasuwa ta mutu a Oktoba ta farfaɗo a Disamba, alhali ciniki bai motsa ba, buhunan da suka fita ɗaya ne.

Yanzu a ba kowane wata abin da ya ci. Oktoba: haya 200,000, albashi 400,000, wutar da aka sha a Oktoba 75,000, riba 825,000. Nuwamba haka, sai dai wuta 80,000, riba 820,000. Disamba takardar wuta ba ta zo ba, sai a ƙiyasta, a ce 85,000, a sa albashin da ba a biya ba, riba 815,000. Jimla naira 2,460,000. Ka ga watannin sun yi kama da juna, domin a zahiri ma haka suke.

Tsakanin lissafin biyu akwai tazarar naira 1,385,000, kuma kada ka yarda da kowane akanta sai ya nuna maka inda kowace naira ta tazarar ta shiga. Ga ta nan: ka ɗauki 1,075,000, ka ƙara ragowar haya 1,800,000, ka cire albashin da ya hau 400,000, ka cire wutar Disamba 85,000, sannan ka ƙara wutar Satumba 70,000, domin an biya ta a Oktoba amma ba ta wannan zangon ba ce. Amsar 2,460,000 ce cif. Wannan na ƙarshen, bashin da aka shigo da shi daga zangon baya, shi mutane suka fi mantawa, kuma idan lissafi ya ƙi haɗuwa nan ya kamata a fara dubawa.

Wani zai ce ai duk ɗaya ne, idan shekara ta zagayo abin da aka rasa a Oktoba za a same shi a gaba. Akwai gaskiya a ciki: idan aka haɗa rayuwar shago tun buɗewa har rufewa, lissafin biyu wuri ɗaya suke tsayawa. Amma ku ba a ƙarshen rayuwar shago kuke rabo ba, duk wata uku ne. Daga Janairu zuwa Satumba littafin tsabar kuɗi ba zai nuna haya ba ko sau ɗaya, zai riƙa ƙara muku ribar naira 200,000 a wata wadda ba riba ba ce. Zango uku za ku yi kuna raba ta, kai ka kai gida, kawu ya kai gida, har naira 1,800,000 ta tafi. Sai Oktoba ta zo, ejan mai gida ya bugo waya, a duba asusu babu kuɗin haya, a shiga sayar da kaya a kan asara ko a ci uwar kuɗi. Haka jari ke zaizayewa ba tare da kowa ya ɗauki na kowa ba, kuma abin takaicin shi ne daga nan zargi ke farawa tsakanin mai jari da mai riƙon shago. Abin ya fi muni idan kason ya canza a tsakiyar shekara, ko wani ya shigo da jari a Janairu. Sabon shigowa zai ci wata tara bai ɗauki haya ba, tsofaffi sun ɗauke masa a Oktoba.

Yadda ake rubutawa ba shi da wuya. Idan a takarda kake aiki, ka sayi littafi mai kaurin bango daban da na shige da fice, ka ware shafi ɗaya ga kowane biyan gaba. A saman shafin hayar ka rubuta sunan siton, lambar rasit, ranar farawa, ranar ƙarewa, da jimlar da aka biya, ka liƙa kwafin rasit ɗin a bayan shafin. A ƙasa ka ja layi 12, kowane layi da gida uku: watan, abin da aka ci, abin da ya rage. Ƙarshen kowane wata ka cike layi ɗaya, ka ɗauki 200,000 ɗin ka kai cikin kashe-kashen watan. Layin Satumba dole ya ƙare da sifili. Idan bai ƙare da sifili ba, an tsallake wata ko an rubuta wani sau biyu.

Idan manhajar lissafi kuke amfani da ita, ko akanta ne zai shigar muku, ga yadda zai bayyana, inda Dr ke nuna asusun da adadin ya shiga, Cr kuma asusun da ya fito. Ranar biya, kuɗin ba ya shiga asusun haya, asusun biyan gaba yake shiga:

```
01-Oct  Dr Prepaid Rent   2,400,000
        Cr Bank           2,400,000
31-Oct  Dr Rent Expense     200,000
        Cr Prepaid Rent     200,000
```

Shigarwa ta biyu ita ake maimaitawa kowane ƙarshen wata. Na albashi kuma, inda Accrued Salaries ke nufin albashin da ya hau:

```
31-Dec  Dr Salaries          400,000
        Cr Accrued Salaries  400,000
04-Jan  Dr Accrued Salaries  400,000
        Cr Bank              400,000
```

Ka dubi layin 4 ga Janairu da kyau, domin a nan aka fi yin ɓarna. Mai shigar da lissafi ya ga kuɗi sun fita daga banki da sunan albashi, hannunsa ya saba, sai ya kai su asusun albashi kai tsaye. Albashin Disamba ya shiga sau biyu ke nan, sau ɗaya a Disamba, sau ɗaya a Janairu, bashin 400,000 kuma ya zauna a littafi har abada kamar ba a biya yaran ba. Alamarsa biyu ce, kuma suna da sauƙin gani. Albashin Janairu zai nuna 800,000 ba tare da an ɗauki sabon ma'aikaci ba, sannan asusun kuɗin da ya hau zai riƙa kumbura wata bayan wata maimakon ya cika ya zube. Wasu akantoci na kauce wa wannan ta hanyar warware shigarwar tun ranar 1 ga wata: su juya abin da suka rubuta ranar 31, ta yadda idan biyan ya shiga asusun albashi sai su cinye juna. Hanyoyin biyu daidai ne. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a gauraya su, mutum ɗaya ya warware ranar 1 ga wata, wani kuma ya zo ya cire biyan daga asusun bashi. A zaɓi ɗaya, a rubuta ta a bangon littafi.

Wuta tana da nata darasin, domin ita ƙiyasi ce. Ba daga ka ake ɗauko adadin ba. Idan akwai mita, ka karanta ta ranar ƙarshen wata da yamma, ka ɗauki hotonta da waya, ka cire karatun watan baya, ka ninka da farashin da ke kan takardar da ta gabata. Idan babu mita, ka ɗauki matsakaicin takardu uku na baya, ka ɗan ƙara idan ka san an fi samun wuta ko an ƙara na'ura. A ce takardar Disamba ta zo tsakiyar Janairu da naira 91,000 maimakon 85,000 da ka ƙiyasta. Idan ba ku rufe lissafin Disamba ba, ka gyara adadin ya zama 91,000. Idan kun rufe har kun raba riba, ba a tono shi, sai 85,000 ta sauke bashin, rarar 6,000 ta bi Janairu. Ƙiyasi ba ya faɗawa daidai, kuma ba laifi ba ne. Laifin shi ne a ga kullum gefe ɗaya yake karkata: wata shida a jere ƙiyasi na gazawa, to hanyar ƙiyasin ce ke neman gyara.

Mitar kati kuwa juyin wannan ce, biyan gaba ce, tun da sai ka saya kake sha. Wanda ya sayi wutar naira 100,000 ranar 28 ga wata, yawancinta ta wata mai zuwa ce. Sai dai a nan hankali ke shiga. Idan abin da ya rage a mitar bai wuce na dubu biyar ba, a shagon da ke juya miliyoyi, ɓata tawada ne a buɗe masa shafi. Ku tsayar da iyaka kai da kawu, a ce duk abin da bai kai naira 20,000 ba a rubuta shi ranar da aka biya, a wuce. Katin waya, data, biro, tsintsiya, duk su bi nan. Muhimmin abu shi ne iyakar ta zauna, ba a ɗaga ta a watan da ake son riba ta yi kyau ba.

Hayar Legas kuma ba ta zuwa ita kaɗai, kuma a nan nake so ka sake ɗauko takardun da aka ba ku ranar biya. Sau da yawa kuɗi ɗaya ake turawa, amma abu uku ko huɗu ne a ciki: hayar kanta, ladan eja, kuɗin lauyan da ya rubuta yarjejeniya, da kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa saboda ɓarna. Idan 2,400,000 ɗin nan ta haɗa da su, to raba ta gida 12 kuskure ne. Kuɗin ajiya ba ya ƙarewa da wucewar wata, naku ne a hannun mai gida har ranar da za ku tashi, don haka shafinsa daban, yana zaune yadda yake. Sai ranar da aka ce an cire wani abu saboda fasasshen ƙofa ko fenti sannan wannan ɓangaren ya zama kashe kuɗi. Ladan eja da na lauya, a hayar shekara guda, ƙaramin shago kan rubuta su a watan da aka biya idan ba su da nauyi, ko ya shimfiɗa su a kan wa'adin hayar idan suna da nauyi. Ni na fi son shimfiɗawa a inda ake raba riba zango-zango, domin amfanin yarjejeniyar na shekara ne, bai kamata zango ɗaya ya ɗauke shi ba.

Ku kun yi sa'a hayarku ta fara ranar 1 ga wata. Da ranar 16 ga Oktoba ta fara, da kwana za a bi: kwana 16 a Oktoba, 30 a Nuwamba, 31 a Disamba, 77 ke nan cikin 365. A Excel:

```
=2400000*77/365
```

Zai ba da naira 506,301, ragowar biyan gaba 1,893,699. Mutane kan manta su ƙirga ranar farawa, su samu 76, kuskuren kwana guda da ya kai kusan naira 6,600.

Idan kuwa wata rana kuka biya hayar shekara biyu ko uku, ɓangaren da ya wuce wata 12 masu zuwa ana nuna shi daban a takardar kadara da bashi, domin ba abin da za a cinye bana ba ne. Manyan kamfanoni masu bin cikakkun ƙa'idojin lissafi na duniya ma, tun daga 2019 da ƙa'idar IFRS 16 ta fara aiki, hayar da ta wuce shekara ba sa ajiye ta a biyan gaba, kadarar haƙƙin amfani suke mayar da ita. Wannan bai shafi sitonku na shekara guda ba, na faɗa ne don kada ka ji wani akanta ya ambata ka ɗauka an yi maka kuskure.

Akwai wata ƙofar da akuruwal ke buɗewa wadda littafin tsabar kuɗi ba shi da ita, kuma ya kamata kawu ya san ta kamar yadda ka sani. Tun da ana rubuta abin da ba a biya ba, mai alƙalami na iya rubuta abin da bai faru ba. Ma'aunin guda ɗaya ne: shin an riga an yi aikin, ko an riga an karɓi abin, kafin daren ƙarshen wata? Kafinta ya gyara rufin sito ranar 20 ga Disamba bai zo karɓar kuɗinsa ba, wannan ya hau, a rubuta. An yi magana da kafinta zai zo a Fabrairu, har an daidaita farashi, wannan bai hau ba, ko nawa ne. Niyya ba bashi ba ce. Don haka duk adadin da ke shafin kuɗin da ya hau ya zama akwai abin da ke bayansa: takardar sunayen ma'aikata da albashinsu, hoton mita, saƙon kafinta. Ta ɗaya gefen kuma, biyan gaban da amfaninsa ya mutu ba a barinsa a littafi. Idan kuka bar siton a Yuni, mai gida kuma ya ce ba ya mayar da kuɗi, ragowar 600,000 ta zama asara a watan da kuka fita, ba a ci gaba da yankanta kamar kuna ciki.

Kuɗin mota ma yakan ruɗa mutane. Tirela ta sauke kaya ranar 28 ga Disamba, direba ya yarda a biya shi a Janairu. Bashin ya hau, dole a rubuta shi, amma ba kashe kuɗin Disamba ba ne gaba ɗaya. Kuɗin kawo kaya yana hawa kan buhunan ne, ya zama cikin kuɗin sarinsu. Idan motar naira 1,800,000 ce a kan buhu 600, kowane buhu ya ƙaru da 3,000, kuma buhun da aka sayar kaɗai zai fita da nasa.

Ɓangaren shigowar kuɗi ma ƙa'idar ɗaya ce, a taƙaice. Kayan da ka ba mai gidan abinci bashi ranar 29 ga Disamba cinikin Disamba ne. Kafin alƙalamin da wani ya ajiye don kayan da za ka ba shi a Janairu ba ciniki ba ne, amana ce a wuyanka har kayan su fita. Haka idan akwai ma'aikacin da ake cire wa harajin albashi, abin da aka cire bashi ne a kan shago har a kai shi hukumar harajin Jihar Legas, kuma wa'adinsa 10 ga watan da ke biye.

Kada dai ka ajiye littafin shige da fice. Akuruwal ya ce ribarku 2,460,000, amma abin da ya ƙaru a asusu 1,075,000 ne kawai, kuma a cikinsa ma akwai 485,000 na yara da na wuta da za su fita cikin Janairu. Idan kuka ce za ku kwashi 2,460,000 ku raba a hannu, sai kun taɓa kuɗin saro kaya. Ribar gaskiya ce, amma 1,800,000 na ƙarfin shagon yana kwance a hannun mai gida, wata-wata zai dawo. Abin da ya dace shi ne a rubuta wa kowa kasonsa bisa 2,460,000 a shafinsa, a ba shi a hannu gwargwadon abin da asusu zai iya ɗauka, saura ya zauna a matsayin abin da yake bin shago. Sannan rubuta 200,000 a littafi kowane wata ba ya tara kuɗin haya da kansa. Sai an buɗe asusu daban ana zuba kuɗin da gaske, kuma tun da haya a garin nan ba kasafai take dawowa yadda aka bar ta ba, gara a zuba fiye da 200,000.

Mai tebur da ke saye da safe ya sayar kafin magariba, ba haya ta shekara, ba ma'aikata, ba abokin rabo, lissafin tsabar kuɗi ya ishe shi. Ku kun wuce nan. Idan kuma shagon kamfani ne mai rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta ajiye littattafai da fitar da bayanin kuɗi na shekara, kuma ƙa'idojin da ake bi wajen fitar da shi a kan akuruwal aka gina su. Banki ma idan kuka je neman rance shi zai nema.

Wajen komawa, kada ka fara a tsakiyar zango. Ka ɗauki 1 ga Oktoba a matsayin mafari tun da ba ku yi nisa ba, ka tsaya a daren 30 ga Satumba ka rubuta abu biyu: duk abin da shagon ya riga ya ci bai biya ba a wannan daren, da duk abin da ya biya bai gama ci ba. Hanya mafi sauƙi ta gano na farko ita ce ka ɗauko bayanin asusun banki na Oktoba da Nuwamba, ka bi kowane kuɗin da ya fita kana tambayar na wane wata ne. Na biyu kuma ka bi manyan biyan wata 12 da suka gabata, kamar inshorar gobara, lasisin ƙaramar hukuma, da kuɗin ƙungiyar kasuwa idan na shekara ne. Wutar Satumba ta 70,000 za ta fito a jerin farko. Tun da kun riga kun raba ribar zangon Yuli zuwa Satumba ba tare da an cire ta ba, sai a cire ta daga shafukan ku biyu bisa kason da kuka raba a lokacin, ku sa hannu a ƙasan shafin kai da kawu kafin a buɗe na Oktoba.